Hutun karatu ba albashi: wasiƙar da matiron za ta iya sa wa hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni nas ce a wani asibiti mai zaman kansa a Agege, shekarata shida a can. Ni ce mataimakiyar shugabar ɗakin matan da aka yi wa tiyata, kuma rijistar magungunan da ake kullewa tana hannuna. Na samu gurbin kwas na shekara ɗaya a jinyar ɗakin tiyata, za a fara ranar 1 ga Fabrairu 2027. Na san ba za su biya ni ba, amma ba na son in ajiye aikina. Yaya zan rubuta wa hukumar asibiti wasiƙar neman hutun karatu ba albashi, kuma me zan ce game da wadda za ta riƙe aikina?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya albarka a gurbin nan, ya sa ki fara a sa'a.

Na yi shekaru ina zaune a kujerar da irin wannan wasiƙa take fara sauka, don haka bari in gaya miki abin da yake zuwa ran matiron idan ta buɗe ta. Ba ta fara tunanin ci gabanki ba, ko da tana ƙaunarki. Idonta yana kan layin farko, hankalinta kuma ya riga ya tafi kan rostar da ke manne a bangon ofishinta: wa zai yi daren da kike yi, wa zai riƙe rijistar nan, wa zai tsaya wa ɗakin ranar da shugabarsa ta tafi hutu. Bayan wannan sai tambaya ta biyu, wadda ba za ta furta a gabanki ba: yarinyar nan za ta dawo kuwa? A Legas ta yau kowace matiron ta ga nas ɗin da ta ce za ta tafi karatu, bayan wata huɗu sai ga hotonta cikin rigar sanyi a Ingila. Wasiƙarki tana da aiki biyu ke nan, ta toshe ramin rosta, ta kuma kwantar da hankali kan dawowarki. Duk abin da bai taimaka wa ɗayan biyun nan ba, ki rage shi.

Ki fara da sanin matsayinki. A asibiti mai zaman kansa hutun karatu ba haƙƙi ba ne da za ki buga tebur a kansa, sai idan takardar ɗaukarki aiki ko littafin ƙa'idojin ma'aikata ya tanade shi. Ki nemo su biyun ki karanta yau. Idan akwai sashe a kan hutun karatu, ki ɗauki sunan da suka ba shi harafi da harafi ki sa a kan wasiƙarki, ki kuma ambaci lambar sashen. Idan babu, to alfarma kike nema, kuma muryar wasiƙar ta nuna haka. Da a asibitin gwamnati kike, da hanyar ta fi tsawo: sai an tabbatar da ke a aiki tukuna, wanda a ƙa'ida yakan zo bayan shekara biyu na gwaji, kuma a manyan asibitocin jiha takardar takan wuce ofishin shugaban asibiti ta tafi hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta jiha. Ke taki za ta iya ƙarewa a tebur uku, don haka kina da damar yin magana da duk wanda zai sa hannu.

Kuma ki yi maganar kafin ki rubuta. Kada shugabar ɗakinki ta fara jin labarin tafiyarki daga bakin sakatare. Ki same ta lokacin da ɗaki ya lafa, bayan rabon maganin rana, ki nuna mata takardar shiga, ki ce kina neman shawararta kan wadda za ta iya riƙe aikinki. Daga nan ku je wurin matiron, tare idan ta yarda. Wasiƙar da ta biyo bayan hira tabbatar da magana take yi. Wadda ta faɗo ba sallama kuwa, sai a sa ta ƙarƙashin fayil a ce ana dubawa.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Ki miƙa ta a makon farko na Nuwamba, wato wata uku kafin tafiya. Kin san yadda Disamba take a asibitocin garin nan: rabin ma'aikata suna neman hutu su tafi gida Kirsimeti, rosta tana tsayawa da ƙyar, manyan da za su zauna su yanke shawara wani ya yi tafiya. Matiron da kika je wa da maganar rasa nas ɗaya a tsakiyar Disamba, a'a ce za ta fara fitowa daga bakinta tun ba ta gama karantawa ba.

Yanzu ga gundarin aikin, wato lissafin rosta. Ban san adadinku ba, don haka zan ɗauki misali, ke kuma ki sauya da naki. A ce ɗakinku yana buƙatar nas uku da safe, biyu da rana, biyu da dare. Duti bakwai ke nan a kwana, 49 a mako, 196 a rostar mako huɗu. A ce ku goma ne, kowacce tana yin duti biyar a mako: kuna iya ɗaukar 200. Kin ga da ma rarar huɗu ce kawai, kuma ita ce ake lallaɓa ciwon kai da rasuwa da ita. Idan kika fita, saura tara, ƙarfinsu 180. Giɓin duti 16 ne a kowane mako huɗu, kafin a zo maganar hutun shekara na sauran. Wannan 16 ɗin shi ne ainihin abin da kike roƙon asibiti ya ɗauka, kuma gara ke ki faɗe shi da bakinki da a ce matiron ce ta zauna ta lissafo.

Kuskuren da yawancin 'yan'uwanmu suke yi a nan shi ne su rubuta cewa abokan aikina sun amince za su riƙa rufe mini. Wannan jimla ba ta da nauyi ko kaɗan. Mutum tara su raba duti 16, kowacce ta ƙara kusan biyu a kan ashirin ɗin da take yi. Wata ɗaya za su yi shi da fara'a don suna sonki. A wata na huɗu gajiya ta taru, wata ta yi ciki, wata ta samu aiki a wani wuri, sai sunanki ya zama abin da ake ambata da tsaki a ɗakin canza kaya. Kuma nas mai gajiya ita ce take manta duba jinin da ke fita daga robar mai sabon ɗinki. Abin da ya fi shi ne ki nuna cewa albashin da asibiti zai daina biyanki ya isa ya sayi waɗannan duti. A ce albashinki naira 180,000 ne a wata, kuma asibitinku yana biyan nas ta lokum, wato ta waje da ake ɗauka ana biyanta duti-duti, naira 9,000 a duti ɗaya. Sha shida sau dubu tara, 144,000. Bai kai albashinki ba. Ki tambayi akanta ko shugabar ɗaki ainihin kuɗin lokum na asibitinku, kada ki ƙirƙira. Idan lissafin ya nuna lokum ya fi tsada, sai ki ba da shawarar a ɗauki nas ta wucin gadi na tsawon hutunki, da kwantiragin da zai ƙare ranar dawowarki. Ba ke za ki yanke ba, amma kin ajiye musu hanya a gaba.

Sai dai lokum tana rufe duti ne kawai, ba ta rufe muƙami. Ba a miƙa wa baƙuwar da ke zuwa sau huɗu a mako rijistar magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin fetidin da mofin. Shi ya sa dole ki raba aikinki gida biyu a cikin wasiƙar: aikin gefen gado, wanda kowace nas mai lasisi za ta iya, da ayyukan da suke wuyanki ke kaɗai. Na biyun nan kowanne sai ya samu sunan mutum ɗaya, ma'aikaciyar dindindin, wadda kin riga kin tambaye ta ta ce to, kuma shugabar ɗaki ta yarda da ita. Ki zauna da takarda mako guda, duk abin da aka zo aka ce ina Sista take, ki rubuta shi. Za ki sha mamakin yawan abin da kike yi ba tare da an taɓa rubuta shi a ko'ina ba: ke kike kiran mai kawo silindar oksijin, ke kika san wace na'urar gwada hawan jini ce take ƙarya, ke kike duba teburin gaggawa duk Litinin.

Ranakun hutun kuma ki rubuta su cikakku, da rana da wata da shekara, har da ranar da za ki sa farin kaya ki dawo. Kada ki tsaya a shekara ɗaya cif. Ki tambayi makarantar yaushe jarrabawar ƙarshe ta Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Najeriya take faɗowa ga ajinku, domin ba dole ba ne ta dace da ƙarshen darasi, ga kuma yajin aiki da kan tsayar da asibitocin koyarwa. Neman wata goma sha uku tun farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ki dawo daga baya kina roƙon ƙari. Idan kin gama da wuri, babu matiron da za ta ƙi ki dawo kafin lokaci.

Ga yadda zan rubuta ta da ni ce ke. Na san da Turanci za ki miƙa ta, amma na zuba miki ita da Hausa don ki kama ma'anar kowace jimla, sannan ki rubuta da kalmominki. A sama ki sa adireshinki da kwanan wata, Litinin 2 ga Nuwamba 2026. A rubuta ta zuwa ga shugaban asibiti, ta hannun matiron, ta hannun shugabar ɗakinku, kowanne da gurbin sa hannu a gefen muƙaminsa.

"Ranka ya daɗe,

Neman hutun karatu ba albashi, daga 1 ga Fabrairu 2027 zuwa 29 ga Fabrairu 2028

Ni ce wance, mai lambar ma'aikaci kaza, mataimakiyar shugabar ɗakin matan da aka yi wa tiyata, ina aiki a wannan asibiti shekara shida. Ina neman izinin hutun karatu ba albashi na wata 13, daga Litinin 1 ga Fabrairu 2027 zuwa Talata 29 ga Fabrairu 2028, domin yin kwas na jinyar ɗakin tiyata a makaranta kaza. Zan dawo bakin aiki ranar Laraba 1 ga Maris 2028. Watan da ya ƙaru a kan shekarar karatu na jarrabawar ƙarshe ne. Na haɗa kwafin takardar shiga da tsarin karatun da lasisina.

A yanzu asibitinmu yana da nas kaza masu wannan horo, kuma duk ranar da ɗayarsu ba ta nan sai an ɗage aiki ko an nemo ta waje. Idan na dawo zan iya shiga rostar ɗakin tiyata da ta kiran gaggawa. A shirye nake in sa hannu a kan alkawarin yin aiki a nan na tsawon lokacin da za mu amince da shi bayan dawowata.

Tafiyata za ta bar giɓin duti 16 a kowace rostar mako huɗu. Bisa kuɗin lokum na yanzu, rufe su bai kai albashin da za a dakatar ba, kuma lissafin yana haɗe. Ayyukan da ke hannuna kuwa, da amincewar shugabar ɗaki, na tsara su haka: Sista wance za ta karɓi rijista da odar magungunan da ake kullewa. Sista wance za ta karɓi duba teburin gaggawa da silindojin oksijin da lissafin kayan ɗaki. Haɗa rosta zai koma hannun shugabar ɗaki. Za mu yi aiki tare daga 18 zuwa 29 ga Janairu 2027, kuma ranar 29 za a ƙirga magunguna da kaya a gaban shugabar ɗaki da mai kula da kantin magani, kowa ya sa hannu a takardar miƙa aiki.

Ina roƙon a bayyana mini a rubuce matsayin muƙamina da matakin albashina idan na dawo, da na inshorar lafiyata, da ko wannan lokaci zai shiga lissafin shekarun aikina. Zan ji daɗin samun amsa kafin 11 ga Disamba 2026, domin in tabbatar wa makaranta da gurbina.

Na gode."

Sai sa hannunki, da cikakken suna, da lambar waya.

Shafi ɗaya ce, kuma haka ya kamata ta tsaya. Lura da abin da babu a ciki. Babu labarin yadda kike mafarkin wannan kwas tun kina makaranta. Babu ƙorafin cewa an tura wasu ke ba a tura ki ba. Babu barazana a lulluɓe, irin idan ba a ba ni ba zan duba abin da ya fi mini. Mai asibiti da ya ji ƙamshin barazana zai fara neman madadinki a ranar. Sakin layi na biyu kuma ki tabbata gaskiya ne: idan ba a taɓa ɗage tiyata don rashin nas ba, ki cire wannan jimlar ki sa abin da ya faru da gaske, domin matiron ta fi ki sanin ɗakin.

Maganar alkawarin dawowa, wanda muke kira bon, tana buƙatar natsuwa. A al'ada wanda ya biya maka karatu shi ne yake ɗaure ka. Ke da kuɗinki za ki yi, albashi ma ba za ki karɓa ba, don haka abin da asibiti yake ba ki kawai shi ne ajiye miki gurbi. A ganina shekara ɗaya bayan dawowa adalci ne, kuma miƙa shi da kanki shi ne amsa mafi ƙarfi ga tambayar da ba a furta ba. Amma idan aka kawo miki takarda mai shekara uku da tarar kuɗi mai yawa, kada ki sa hannu a tsaye a ofis. Ki kai ta gida, ki nuna wa wani babba a ƙungiyarmu ta nas-nas da ungozomomi, NANNM, ko lauya. Kuma idan a zuciyarki kin san shirin fita waje kike yi da zarar kin gama, ina roƙonki kada ki nemi hutun nan. Ki ba da sanarwar ajiye aiki yadda kwantiraginki ya ce, ku rabu lafiya. Duk wadda ta karɓi hutun karatu ta ɓace, ƙofar ta rufe wa ƙannenta da ke bayanta, kuma na ga hakan da idona: shekaru bayan wata ta yi mana haka, hukumar asibitin da nake aiki ba ta sake yarda da hutun kowa ba.

Wani abin da zan hana ki sa wa a wasiƙar shi ne alkawarin zuwa duti a ƙarshen mako. Yana da daɗin rubutawa, yana sa a ga kina da kirki, amma kwas na ɗakin tiyata tsayuwa ce tun safe har aikin ƙarshe ya fito, da kiran dare, da littafin ayyuka da sai an cike an sa miki hannu. Idan makarantar ta Idi-Araba ce, ki ƙara da cunkoson Oshodi safe da yamma daga Agege. Ba za ki iya ba, kuma alkawarin da aka rubuta aka karya ya fi wanda ba a yi ba muni. Ki ce dai za a iya samunki ta waya a makonni huɗu na farko idan akwai tambaya kan abin da kika miƙa.

Bari in daɗe kaɗan a kan rijistar nan, domin ita ce za ta iya bin ki har cikin aji. Ranar ƙirga, a buɗe kabad ku huɗu: ke, mai karɓa, shugabar ɗaki, da mai kantin magani. Kowane magani a buɗe shafinsa, a karanta ragowar da ke rubuce, sannan a ƙirga kwalaben allurar ɗaya bayan ɗaya, a fito da su daga kwali, ba a leƙa a ce ya cika ba. A duba ƙarfin kowanne, domin fetidin mai miligiram 50 da mai 100 shafinsu daban ne, a duba ranar lalacewa. Idan rijista ta ce 14 kabad ya nuna 13, kada kowa ya sa hannu, kuma kada a gyara lamba da biro. A koma baya a bi takardun maganin majinyata tun daga ƙirgar ƙarshe da ta yi daidai. Sau da yawa za ki tarar wata ce ta yi allura da tsakar dare ta rubuta a takardar majinyaciya ta manta rijista, ko kwalba ta fashe ba a rubuta da shaida ba. Idan an gano, a shigar da shi a sabon layi da kwanan watan ranar da bayani, mutum biyu su sa hannu. Idan ba a gano ba, a rubuta rahoto zuwa ga matiron a ranar, kina nan. Wannan ne dalilin da na sa ƙirgar ranar Juma'a 29, amma ki yi ta gwaji tun ranar 18, don idan akwai matsala ki samu kwana goma na warware ta. Bayan an sa hannu, ki ja layi a ƙarƙashin shigarwar ƙarshe, a rubuta an miƙa, da rana da ƙarfe nawa. Ki riƙe kwafin takardar miƙa aiki a gida. Amma shafukan rijista masu sunayen majinyata kada ki ɗauke su a wayarki. Idan asibitinku yana amfani da kwamfuta wajen bayanan majinyata, ki nemi a dakatar da shigarki a rubuce. Kada ki bar wa kowa kalmar sirrinki wai don a sauƙaƙa aiki, domin duk abin da aka shigar da sunanki ke ce kika yi.

Sai aljihunki, wanda wasiƙar ta taɓa a sakin layi na ƙarshe. Ba albashi kaɗai zai tsaya ba, duk abin da ke rataye a jikinsa zai tsaya. Dokar fansho ta 2014 ta sa mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Idan kuɗin da ake lissafa miki fansho a kansa 150,000 ne, naira 27,000 ke shiga asusunki duk wata, a wata 13 kuwa 351,000 ne ba za su shiga ba. Abin da ke ciki ba ya ɓacewa, amma ki san da wannan. Inshorar lafiya ta fi gaggawa, musamman idan 'ya'yanki suna kanta: ki tambaya ko za a bar ki a ciki ki riƙa biyan kuɗin da kanki. Idan kina da bashin kofaretib da ake cira daga albashi, ki je ki zauna da su kafin tafiya, domin ranar da cirar ta tsaya masu tsaya miki za a bi, kuma su ne matan da kika bar wa ɗaki. Adashi ma haka. Kuɗin hayar shekara ki san watan da zai faɗo. Idan kina da sauran hutun shekara da ba ki ci ba, ki nemi a biya ki shi ko a sa shi a farkon Fabrairu, ya zama kin samu 'yan makonni da albashi. Lasisinki kuma, da ake sabuntawa duk shekara uku, ki duba ko zai ƙare kina makaranta, ki sabunta shi tun yanzu da sauran kuɗi a hannunki.

Abu ɗaya ne idan kika saɓa masa duk wannan shiri ya rushe: kada ki daina zuwa aiki sai takardar amincewa tana hannunki, da sa hannun wanda yake da ikon bayarwa. Je ki abinki, za mu daidaita takardu, ba izini ba ne. Akwai wata yarinya da na horar, nas mai hannu mai kyau, matiron ta ce mata ta tafi, takarda za ta biyo baya. Wata biyu da tafiyarta aka canza matiron. Sabuwar ta buɗe fayil ba ta ga komai ba sai wasiƙar neman izini da babu amsa, aka rubuta ta a matsayin wadda ta gudu daga aiki. Ta dawo da sabuwar takardar shaida ta tarar babu gurbi, kuma duk inda ta nemi aiki aka tuntuɓi tsohon wurinta sai wannan kalmar ta fito. Mun yi watanni muna bin ofisoshi kafin a gyara mata fayil. Har yau abin yana ci mini rai, domin takarda ɗaya ce da ta hana. Don haka ki buga kwafi biyu, ki miƙa ɗaya, a buga wa ɗayan hatimin karɓa da kwanan wata ki ajiye. Idan mako biyu suka wuce shiru, ki rubuta gajeriyar tunatarwa mai ambaton ranar wasiƙar farko.

Idan amsar ta zo, ki karanta ta da biro a hannu. Ranakun sun yi daidai da waɗanda kika nema? An ce za ki dawo kan muƙaminki da matakinki, ko an ce za a duba idan akwai gurbi? Wannan jimla ta biyu ba hutu ba ce, sallama ce cikin ladabi, kuma gara ki sani tun kafin ki biya kuɗin makaranta. Ki koma ki nemi a gyara ta, ko a ƙalla a tabbatar da matakin albashi ko da za a sauya miki ɗaki, tunda da ma ɗakin tiyata kike fatan komawa.

Idan kuma aka ƙi, ki tambayi dalili cikin natsuwa. In rosta ce, ki nemi makaranta ta ɗage miki gurbin zuwa aji na gaba idan suna yin haka, ki dawo wa asibiti da sabuwar rana da isasshen lokacin ɗaukar wata. In sun ce ba sa ba da irin wannan hutu sam, to zaɓi ya rage tsakanin kwas da aikin, kuma ki yi shawara da maigidanki ko iyayenki, ki yi istihara. Idan kika zaɓi kwas, ki ajiye aikin da cikakkiyar sanarwa, ki yi miƙa aikin nan daidai yadda na zayyana miki, ƙirga da sa hannu da komai, ki karɓi takardar shaidar aiki kafin ki fita ƙofa.

Idan an amince, ki riƙa aika wa matiron sakamakon kowane zango ko da ba ta tambaya ba. Sannan a makon ƙarshe na Janairu 2028 ki rubuta musu layi uku cewa kina nan tafe ranar 1 ga Maris, don a sa sunanki a rostar watan kafin a manna ta a bango. Allah ya ba da sa'a, ki gaida mutanen gida.